Waƙar bege daga Jidda zuwa Katsina: yadda za a yi ta reru

"Malam, ni tela ne a Jidda, shekarata biyu rabona da gida. An yi mana baiko da wata yarinya a Katsina kafin in taho. Ina so in aika mata waƙa, na fara da cewa: 'Ke ce tauraruwar zuciyata mai haske / Ina kewarki kamar zan mutu a Saudiyya.' Mu takwas ne a ɗaki, duk wanda na karanta wa sai ya ce ba ta reruwa. Ina matsalar take, kuma yaya zan gyara?"

Ƙanena, abokan ɗakinka suna da kunne, kuma gaskiya suka faɗa maka. Abin da kunnensu ya kama shi ne rashin kari, wato awon da ake ɗora waƙa a kansa. Akwai kuma matsala ta biyu wadda ba su faɗa ba, wataƙila don kara: duk saurayin da ke duniya zai iya aika waɗannan layuka biyu ga kowace budurwa, babu abin da ya nuna kai ne ka yi su, ko ita aka yi wa. Bari mu fara da karin, don shi ne wanda ake iya koya wa mutum a zama ɗaya.

Rubutacciyar waƙar Hausa ba yawan kalmomi take ƙirgawa ba, nauyin gaɓoɓi take aunawa. Gaɓa iri biyu ce. Idan baƙi ne da gajeren wasali, kamar "da", "ki", "mu", to marar nauyi ce, ana yi mata alamar v. Idan baƙi ne da dogon wasali, ko da tagwan wasali kamar "kai" da "sau", ko kuma an rufe ta da wani baƙin kamar "nan" da "kin", to mai nauyi ce, alamarta –. Inda mutane suke tuntuɓe shi ne rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali. "Gari" da ake zama a cikinsa da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya, amma na farko "ga" ɗinsa gajere ne, na biyu dogo. Masu ajami sun huta da wannan, domin alif da wawu da ya suna nuna musu inda aka ja. Kai da za ka rubuta a waya da boko, bakinka da kunnenka ne za su yi maka aikin. Ka furta kalmar a hankali, ka ji inda muryarka ta tsaya da inda ta wuce da sauri.

To auna naka. Ɗangon farko, wato layin farko, gaɓa 13 ne, kuma biyu kacal ne marasa nauyi a ciki, wato "ru" da "ci". Ya fara da masu nauyi huɗu a jere, ya ƙare da biyar a jere, shi ya sa yake tafiya da ƙyar. Ɗango na biyu gaɓa 14 ne, kuma a tsakiyarsa akwai marasa nauyi uku a jere: "mu-tu a". Duk muryar da ka ɗora wa na farko, idan ka zo na biyu sai ta zame. Kai tela ne, ka san abin da ke faruwa idan aka yanka hannun riga ɗaya da awon wani, ɗayan da awon wani daban: yadin mai kyau ne, ɗinkin ma ba laifi, amma ba ta sawuwa.

Awon da zan ba ka sunansa Mutaƙarab. Yana cikin karuruwan da Halilu ɗan Ahmad na Basra ya tsara a ƙarni na 8, waɗanda malamanmu suka ɗora waƙoƙin Hausa a kansu, musamman tun ƙarni na 19. Na zaɓa maka shi ne don ƙafarsa ɗaya ce tak, ana ta maimaita ta: marar nauyi ɗaya, masu nauyi biyu. Sau uku cikakkiya, ta huɗun a gutsure mata gaɓar ƙarshe:

v – – / v – – / v – – / v –

Da baki ana cewa: fa'ulun, fa'ulun, fa'ulun, fa'al. Gaɓa 11 ke nan a kowane ɗango. Ka yi ta maimaita wannan kana taka keke har ya zauna maka a ka, kafin ka sa masa kalma ko ɗaya. Gaɓar ƙarshen ɗango ba a matsa mata, ko gajera ce murya za ta ja ta. Wani dalilin da ya sa karin nan ya dace da Hausa shi ne kalmomin da muke buɗe zance da su sun zo daidai da farkon ƙafarsa: "ina", "idan", "nakan", "a nan", "ki ce", duk marar nauyi ce sannan mai nauyi.

Mu ɗauki "ina kewarki" naka. A yadda yake, "i-na-ke-war" marar nauyi ɗaya ce da masu nauyi uku, ya zarce awo da gaɓa ɗaya. Cire "ina", sa "da", sai ka samu "da ke-war", ƙafa ta farko ta cika. "Ki" ɗin da ya rage marar nauyi ne, shi zai buɗe ƙafa ta biyu, yana neman masu nauyi biyu: "ki kul-lum". Ta uku: "na-ke kwan". Ta huɗu: "ci-ya". Haɗa su:

Da kewarki kullum nake kwanciya.

Ka ga ma'anarka ba ta ɓata ba, mutuwar kawai muka cire, kuma gara da aka cire ta. Yarinyar da saurayinta ke wata ƙasa ba ta son jin kalmar mutuwa daga bakinsa ko da wasa, balle uwarta.

Wannan ɗango ya kuma zaɓa mana amsa-amo, sautin da kowane baiti zai ƙare da shi, wato "ya". Ana zaɓen amsa-amo tare da kari, ba daban ba, kuma nan ma mutane da yawa suke faɗawa rami. Ƙarshen ɗangonmu yana buƙatar kalmar da ta ƙare da marar nauyi sannan "ya". Zuciya, godiya, lafiya, juriya, kwalliya, gaskiya, dariya, tsamiya, rijiya, duk sun shiga. Gajeru irin su waya, miya, jiya, ɗaya, wuya, su ma sun shiga, in dai gaɓar da ta gabace su mai nauyi ce. Amma "amarya", "murya", "hanya", "kunya" ba za su zauna a ƙarshe ba, duk da sun ƙare da "ya" kuma su ne zuciyarka za ta fi kai wa hannu, domin gaɓar da ke kafin "ya" ɗin mai nauyi ce. Ka ajiye su a tsakiyar ɗango. "Tafiya" ma ba ta shiga, marasa nauyi biyu ne a gabanta. Za ka ga wasu marubuta suna ninka baƙi su ce "taffiya" don karin ya tsaya. An yarda da haka a matsayin lalura, amma idan ya yi yawa sai waƙar ta koma kamar mai in'ina ke magana. Kafin ka fara, ka jera kalmomin amsa-amon da suka dace kamar goma sha biyar a takarda. Idan ba ka iya samun goma ba, sauya amsa-amon tun da wuri.

Zubin da ya fi maka sauƙi shi ne ƙwar biyu: kowane baiti ɗango biyu, amsa-amon yana ƙarshen na biyu. Ɗangon farko a sake yake, sai a baitin buɗewa da aka saba daidaita su duka biyun. Kada ka ɗauko ƙwar biyar a waƙarka ta farko. Can sai ka nemo ƙaramin amsa-amo na ɗango huɗu a kowane baiti, ban da babban, kuma rabin abin da za ka faɗa zai zama ciko.

Yanzu ga matsala ta biyu, wadda ta fi ta karin girma. Tauraruwa, haske, fure, zuma, madara, sanyin idaniya: ba haramun ba ne, amma sun sha hannu. Ta ji su a rediyo, ta ji su a fim, wataƙila ma wani ya faɗa mata su a ƙofar gida kafin kai. Abin da ba ta taɓa ji ba, kuma ba wanda zai iya faɗa mata sai kai, shi ne yadda yininka yake a Jidda, da wuraren da take faɗo maka a rai a cikinsa. Kewa ba ta jin daɗin a ambaci sunanta sau goma. A ambace ta sau ɗaya, sauran baitocin su nuna inda take kama ka. Ga abin da na harhaɗa daga ɗan bayanin da ka bayar, da abin da na san garin da shi:

Da sunan Ta'ala nake godiya,
Ina nan a Jidda cikin lafiya.

A ɗakinmu har mu takwas ne ciki,
Da kewarki kullum nake kwanciya.

Idan na ji an tada sallar lisha,
A can kin fito za ki sauke miya.

Ina ɗinka kayan amaren gari,
Nakan ce da kaina: ina Gimbiya?

Farin leshi na nan a gefen gado,
Na lefenki ne, na biya tun jiya.

A nan babu marka, ina damina?
Gumi ne da iskar Bahar Maliya.

Gaya min idan an yi shuka a can,
Ruwan in ya sauko ki buɗe waya.

Ba zan yanke ranar da ban san ta ba,
Gudun kar na saɓa wa mai juriya.

Ki gaishe da manya, iyayenmu can,
Ki ce ɗansu na nan da zance ɗaya.

Ilahi ka sa in ga ranar biki,
Na sauke abin nan da ke zuciya.

Ka fara gwada ta da awon. "I-dan na / ji an ta / da sal-lar / li-sha." "Gu-mi ne / da is-kar / Ba-har Ma / li-ya." Wuri ɗaya ne za ka ji ƙafa ta ɗan rage, a "a Jid-da", domin "da" ɗin Jidda gajere ne inda ake son mai nauyi. Wannan ragi halal ne a Mutaƙarab, masana aruli, wato ilimin awon waƙa, sun san shi, kuma mai rerawa yakan ja wasalin kaɗan ya wuce. Abin da ba ya gyaruwa da murya shi ne akasin haka, wato a sa mai nauyi a mazaunin marar nauyi a farkon ƙafa. Da na ce "Ke ce Gimbiya" a farkon ɗango, da tun gaɓar farko an karya.

Baiti na biyu ya tsaya ne a kan saɓanin da ke tsakanin ɗangonsa biyu. Ɗaki cike da mutum takwas, ga munshari, ga mai waya da gida, ga wanda ya dawo aiki tsakar dare, amma mutum yana kwana da kewa. Ban ce "ni kaɗai nake ji" ba, ban ce "duk da haka" ba. Na jera su kawai, ita za ta haɗa. Yawancin gyaran da nake yi wa waƙoƙin matasa shi ne goge ɗangon da suka ƙara don su bayyana abin da ɗangon baya ya riga ya nuna.

Na uku shi ne wanda na fi so, kuma ina so ka ga daga ina ya fito, don ka iya haƙo irinsa da kanka. Agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya da awa biyu. A can kuma ana kiran lisha awa ɗaya da rabi bayan magariba, in ba a watan azumi ba. Idan ka lissafa, lokacin da ake tada sallar lisha a Jidda, a Katsina rana tana dab da faɗuwa ne, ko ta faɗi yanzu-yanzu. Wato daidai lokacin da ake kwashe tuwon dare, ana sauke miya, yara suna ɗauko buta. Kai dare ya yi maka, ita tana tsakar gida da sauran haske. Ba ka ce nisa ba, ba ka ce kilomita kaza ba, amma nisan ya fito, kuma ta gane cewa kana bin yininta da lissafi daga inda kake. Idan ka san ba ita ke girki a gidansu ba, kada ka bar miyar don ta yi daɗin amsa-amo. Ka tambayi kanka me take yi a wannan lokacin. Idan dawowa take daga islamiyya, ko ɗinkin hula take ajiyewa, wannan za ka sa, ka sake neman kalmar da za ta rufe.

Na huɗu da na biyar sana'arka ce. Tela da ke ɗinka wa amaren wasu kaya alhali tasa amaryar tana jira, wannan ciwo ne da ba ya bukatar ado. Da abokin ɗakinka makanike ne zai ari baitin, sai ya ce "Ina gyara motar mutanen gari", awon bai motsa ba, sai dai ya nemi nasa ciwon a ɗango na biyu, don mota ba ta tuna wa mutum aure yadda kayan amarya ke yi. Game da leshin kuwa, da gangan na sa "na biya". Ka san abin da ake faɗa a kanku teloli da ragowar yadin mutane, kada ƙawayenta su sami abin tsokana. Amma ga sharaɗi: idan babu leshi a gefen gadonka, cire baitin nan gaba ɗaya. Duk abin da ka ambata na lefe a waƙa an rubuta shi ke nan. Ranar da aka buɗe akwati a gaban gwaggwanni, wata za ta tambaya ina farin leshin da aka ce.

"Gimbiya" inkiya ce na sa a mazaunin sunanta. Idan sunanta Mariya ne ko Asiya, zai zauna a wurin daidai, har da amsa-amo. Duk da haka na fi son inkiyar, musamman idan akwai wadda kai kaɗai ke kiranta da ita. Saƙon murya ba ya zama inda aka aika shi, kuma waƙar da ke ɗauke da sunan yarinya da na garinsu, idan ta fita, ita za ta sha kunyar, ba kai ba.

Baitocin damina biyu sun fito ne daga bambancin garuruwan. Jidda ba ta da damina irin tamu. Ɗan ruwan da take samu yakan zo ne a watannin sanyi, sauran shekara zafi ne mai ɗanshi da ke sa riga ta manne a jiki. Mutumin Katsina da ya yi shekara biyu bai ga hadari ya haɗo daga gabas ba, bai ji marka ta kwana tana zuba a watan Agusta ba, yana kewar wannan kusan yadda yake kewar mutane. Amfanin baiti na bakwai kuma shi ne ya ba ta abin yi. Waƙar bege da ta ƙare a "ina sonki, ina kewarki" tana barin yarinya da amsa ɗaya, "ni ma haka", kuma mai kunya ko wannan ba za ta iya furtawa ba. Amma idan ka roƙe ta ta buɗe waya ka ji saukar ruwa, ka ba ta hanyar amsawa ba tare da ta ce komai ba. Ranar da aka yi ruwan farko za ta naɗo maka ƙararsa a kan kwanon ɗakinsu, kai kuma ka san abin da take nufi.

Sai baitoci ukun ƙarshe, inda nake so ka fi natsuwa, don a nan waƙar wanda aka yi wa baiko ta bambanta da ta saurayin da ke neman shiga. Ku ba ma'aurata ba ne tukuna, kuma ba ku biyu kaɗai ke cikin maganar ba. Akwai iyayen da suka karɓi goro da alewa suka ce sun ba ka, shekara biyu ke nan suna amsa tambayar dangi da maƙwabta: yaushe yaron nan zai dawo? Ka ɗauka cewa ƙanwarta za ta ji waƙar, ƙawarta za ta ji, kuma akwai yiwuwar ta kai kunnen mahaifiyarta. Saboda haka babu siffanta jiki. Idan za ka yabe ta, yabi halinta, shi ya sa na kira ta "mai juriya". Wannan yabo ne da za a iya ji a tsakar gida ba wanda ya sunkuyar da kai.

Babban kuskuren 'yan ci-rani a irin wannan waƙa shi ne yanke rana. Daɗin rerawa yakan ɗebi mutum ya ce da ƙaramar salla yana gida, ko kafin kaka. Alhali dawowarka ta rataya a kan abubuwan da ba duka ke hannunka ba: ƙarewar kwantiragi, hutun da mai shago zai ba ka, iƙama, wato takardar izinin zama, da bizar fita, kuɗin jirgi, da abin da ka tara na sadaki da lefe. Alkawarin da aka yi a hira ana iya mantawa da lafazinsa. Wanda aka sa a waƙa haddace shi ake yi. Idan salla ta zo ta wuce, baitin nan zai zama abin da ake maimaita mata da gatse. Don haka baiti na takwas ya faɗi gaskiya cewa ba ka san ranar ba, ya kuma faɗi dalilin ƙin yanke ta, na tara ya tabbatar wa manya cewa maganar tana nan yadda aka bar ta. Idan kuwa an riga an sa rana kuma tikiti yana hannunka, to sauya baitin, ka faɗi watan da bakinka, babu abin da zai fi shi daɗi a kunnenta.

Abu biyu kuma na bari a waje da gangan. Na farko ƙorafin wahala. Na san akwai ta: tsayuwar aiki har dare idan biki ko salla ta matso, albashin da kan makara, zaman ɗaki ɗaya da mutane. Gumin da ke baiti na shida ya isa. Idan ka zuba duka, ita za ta kwana da damuwa, iyayenta kuma su fara tunanin ko 'yarsu tana jiran wanda ba shi da ranar tsayawa da ƙafarsa. Haka nan kada ka zagi mai gidan aikinka a cikin abin da aka naɗa da muryarka. Na biyu kishi. Idan wani ya kawo maka gulmar cewa ana ganin wane a layinsu, wannan maganar waya ce tsakaninka da ita, ko tsakanin manyanka da nata. Habaici a waƙa ba ya goguwa, kuma yarinyar da ta yi shekara biyu tana korar masu sallama ba ta cancanci a rera mata zargi ba.

Wata 'yar matsala da nake gani ga mazauna Saudiyya ita ce Larabcin kasuwa da ya shige musu baki. Kalma ɗaya a waƙa tana iya nuna baƙunta, ta ma ba da dariya. Amma idan kowane baiti da "habibati" da makamantanta, sai ta ji kamar wani ne daban ke magana, ba wanda ya yi sallama da ita a zaure ba. Ka rubuta da Hausar da kuke hira da ita. Idan "maki" kake ce mata ba "miki" ba, bar shi haka, nauyinsu ɗaya a awo.

Game da buɗewa da rufewa, na bi al'adar rubutacciyar waƙa: a fara da sunan Allah, a rufe da addu'a. Magabata sukan ƙara salati, su sa sunansu, har da ramzi, wato haruffan da ke nuna shekarar da aka yi waƙar. A waƙa mai baiti goma wannan zai cinye rabinta, don haka baiti ɗaya a farko, ɗaya a ƙarshe ya wadatar. Kada kuma ka tsawaita. Baiti takwas zuwa goma sha biyu shi ne abin da za ta iya haddacewa, kuma haddacewar ake nema. Ka lura ban maimaita kalmar amsa-amo ko ɗaya ba. Maimaita ta kusa-kusa aibi ne a wurin masana, a wurin mai sauraro kuma alama ce cewa kalmomi sun ƙare maka.

Wannan da na rubuta gwaji ne, kada ka aika shi yadda yake. Ka riƙe awon da amsa-amon, ka riƙe baitocin da suka yi daidai da rayuwarka, sauran ka cike da abin da ni ban sani ba: abin da ta faɗa maka daren da za ka taho, bishiyar da ke ƙofar gidansu, ƙanenta da ke kai saƙo yana neman ladan aike. Kowane sabon ɗango ka yanka shi ƙafa-ƙafa a takarda kamar yadda na yi a sama, ka sa v da – a ƙarƙashin gaɓoɓin. Sannan ka ba ɗaya daga cikin abokan ɗakin ya rera ba tare da ka rera masa tukuna ba. Kai da ka rubuta, bakinka zai riƙa ɓoye maka karaya, yana ja inda bai kamata ba, yana haɗiye inda ya yi yawa. Inda shi ya yi tuntuɓe, nan gyaran yake.

Wajen naɗa, murya zalla ta fi, ba kiɗa a ƙasa, kuma ka kashe fanka ko ka fita inda ƙarar na'urar sanyaya ɗaki ba za ta rufe ka ba. Numfashi ɗaya ga kowane ɗango, ɗan tsayawa bayan kowane baiti. Baiti goma a wannan karin bai kamata ya wuce minti biyu ba, idan ya wuce to kana jan muryar fiye da kima. Ka tura rubutun tare da muryar, don wata kalmar takan ɓace idan sabis ba shi da ƙarfi. Lokacin turawa kuma ka yi lissafin awa biyun nan: ƙarfe goma sha ɗaya na dare a Jidda shi ne tara a Katsina, an yi lisha, an ci abinci, an kwashe kwanuka, wayar ta dawo hannunta daga hannun ƙanne.